Kwantarar Tahiru Falanto

An haifi Tahiru a Durum, gidan manoma gero da gyaɗa, kuma tun yana ƙarami aka gane hannunsa da hauya ba su jitu ba. Ranar da za a fita noma, ranar cikinsa ke murɗawa, ya kuma warke daidai lokacin da aka kawo fura gona. Ubansa ya sa shi lakwal, ba don ya hango masa wani girma ba, don dai a rage mai shanye furar masu aiki. Ya yi har aji shida, jarrabawa ta kayar da shi sau biyu, ya fito da rubutu mai kyau da Faransancin gaisuwa. Da wannan jarin ya shigo Damagaram.

Babu abin da bai taɓa ba a garin. Ya tsare wa wani shago a kasuwar Dole, ya sayar da katin waya, ya yi wa masu neman takardar haihuwa rubutu a bakin meri, wato ofishin magajin gari. Kowace sana'a ya bari, ita ce ba ta kai matsayinsa ba. Ya auri Rahina, 'yar unguwar Garin Malam, mace marar yawan magana mai kitso da lalle, wadda kitson nata ne ya riƙe tukunyar gidan duk shekarun da maigidan ke neman aikin da ya dace da shi. Suka haifi 'ya ɗaya, Ilham.

Yana dab da arba'in Allah ya kawo wani proje mai gina rijiyoyi a ƙauyuka, aka ɗauke shi falanto, wato ɗan aiken biro, ofishinsu ke nan. Aikinsa kai takardu, share tebur, da dafa wa darakta shayi. Amma idan ka ji shi a teburin Ɗan Azumi mai shayi, inda yake zama kowace safiya, sai ka rantse ba a tona rijiya tsakanin Mirya da Tirmini sai da yardarsa. "Mu a proje," shi ne bismillar kowace maganarsa.

Mutum irin wannan ba ya ci gaba da zama a ɗaki guda a gidan surukai. Sai ya nemi haya a Birni, kusa da fada, inda masu asali ke zaune. Ya samu sashe a gidan Hajiya Lubabatu: ciki da falo, ɗan tsakar gida, makewayi, da ƙofa ta kansa mai fita lungu.

Hajiya Lubabatu tsohuwa ce mai sayar da turaren wuta da humra, mijinta ɗan fatauci ne da ya rasu ya bar mata gidan. Shekarunta da yawa tana ba da haya, ba ta taɓa rubuta komai ba. Wata ya mutu a kawo mata kuɗinta, wanda zai tashi ya yi mata sallama ya tashi. Haka ta so su yi da Tahiru. Shi ne ya ƙi. Ya ce su a proje ba sa aiki da baki, baki shi ke yanka wuya. A ransa kuma tsoro yake kada ta ga yana sa riga mai guga ta ƙara masa kuɗi, ko ta tashe shi don wani jikanta zai yi aure.

Don haka ya ɗauko kwantara, wato takardar yarjejeniya, wadda proje ya kama gidan biro da ita, ya kwafe abin da ya gane, ya ƙara abin da ya ga dama. Haya ta shekara biyu cif. Mai gida ba ta da ikon ƙara kuɗi ko tashin ɗan haya kafin wa'adi. Ɗan haya shi ma ba ya fita kafin wa'adi, in ya fita kuɗin sauran watannin na wuyansa. Ba ya saka wani a madadinsa sai da yardar mai gida. Ya ajiye kosiyo, kuɗin wata biyu da za a riƙe don ɓarna, a mayar masa ranar fita in gidan na nan lafiya. Waɗannan sharuɗɗan da suka ɗaure shi ya sa su ne don takardar ta yi kauri, ta yi kama da ta manya. Ya sa aka kira mai unguwa shaida, ya ja tsohuwa har meri aka buga hatimi. Ita dai ta dangwala yatsa, ta ce Allah ya sa alheri, ta naɗe kwafinta ta tura cikin kwallar turare.

Suka tare da kaka, bayan an yanke gero.

Gidan kuwa gidan Birni ne, ginin ƙasa tun na kakanni. Famfon tsakar gida ado ne, yana tari sau ɗaya a mako ya yi shiru. Ƙyauren ba ya rufuwa sai an ɗaga shi da gwiwa. Rufin falo na da tabon yoyon damina da ta wuce, kuma kwatar makewayi tana komo da abin da aka ba ta. Ba abin da ya fi na maƙwabta muni, Rahina ma ba ta taɓa kuka da shi ba. Amma Tahiru ya samu abin hira. Kowace safiya a teburin Ɗan Azumi sai ya buɗe babin gidan Hajiya: ɓerayensa sun kai 'yan awaki, kunamunsa na biyan haya tare da shi, tsohuwar kuma tana ƙirga shigarsa da fitarsa ta kafar zaure. Ya iya ba da labari, wannan kam ba a raba shi da shi. 'Yan kabu-kabu su yi ta dariya har shayi ya sarƙe su, su ɗauki labarin tare da fasinja su kai shi Zango da Sabon Gari. Kafin sanyi ya wuce, gidan ya yi sunan da ko gidan yari bai yi ba.

Da bazara ta tsaya, darakta ya tara ma'aikata ya ce masu ba da kuɗi sun janye, proje ya rufe. Aka yi hoto, aka ba kowa takardar yabo. A makon nan kuma wansa Zakari ya bugo waya daga Durum: tsoho ƙafa ta ƙi, gona ta fi ƙarfin mutum ɗaya, in Tahiru yana da niyyar cin geron gidan bana to ya zo ya taɓa ƙasarsa.

Tahiru ya yi kwanaki yana fita da safe da riga mai guga, yana zaga gari ya dawo. Rahina ta bar shi ya gama zagayensa, sannan wata rana tana tsefe wa Ilham kai ta ce ita ta ɗaure kayanta, kitso ko a Durum akwai kawuna.

Saura takarda. Fiye da shekara ta rage a cikinta.

Ya shiga wajen Hajiya da la'asar, ya same ta a tabarma tana kwaɓa turare. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi ba tun zuwansa, ya yi gaisuwa mai tsawo har ya tambayi lafiyar akuyarta. Sannan ya kawo zancen ta nesa: halin rayuwa, biyayyar iyaye, yadda bawa ba ya wuce ƙaddararsa. Ya ce ya zo ne a matsayin ɗa, a yi sallama irin ta mutunci, ya ba ta makullinta ƙarshen wata.

Ta saurare shi har ya ƙare, hannunta bai bar kwaɓin ba.

"Malam Tahiru, ni jahila ce, ban san abin da ke cikin takardar nan ba. Kai ka karanta mini. Ko dai na ji ba daidai ba ne, da ka ce baki shi ke yanka wuya?"

Ya ce ai takarda mutum ke yin ta, mutum ke warware ta, in dai ɓangarorin biyu sun yarda. Ta ce gaskiya ne, to ɓangare ɗaya ya yarda, saura ɗaya. Ta ce wancan watan wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya zo da kuɗi sama da nasa, ta mayar da shi saboda hatimin meri. Da hatimin ya hana ta, ba ta ji an zo tsugunno ba.

Nan ne Tahiru ya fito da abin da ya kwana yana saƙawa. Ya ce shi zai nemo mata wanda zai maye gurbinsa, ba za ta yi asarar ko wata ɗaya ba, ba kuma sai ta biya dillali ba. Ya ce mutum irinsa da ya san manyan gari, wannan aikin yini guda ne.

Hajiya ta shinshina kwaɓin, sannan ta yarda, da sharuɗɗanta. Mutumin ya zama mai iyali, mai abin yi da aka sani. Ita za ta gan shi da idonta, in bai kwanta mata ba babu dole. Shi zai yi tasa takardar da ita, ya ajiye nasa kosiyon. Kafin wannan ranar kuwa, Tahiru ne ɗan hayarta, ko yana ciki ko yana Durum, wata ya mutu ta ga kuɗinta.

Washegari ya sauka teburin Ɗan Azumi da sabuwar waƙa. Ya ce akwai wani sashe a Birni, sanyi kamar randa, maƙwabta mutanen kirki, mai gidan uwa ce ba mai gida ba. Aka tambaye shi wane gida. Da ya faɗa, sai da wani ya furzar da shayinsa. Ɗan Azumi ya tambaya cikin ladabi ko ɓerayen sun tashi ne, ko da su za a raba hayar. Tahiru ya ce wasa yake yi a da. Aka ce to yanzu ma ai wasan ne.

Duk inda ya nufa labarinsa ya riga shi. Wani tela ya ce matarsa na tsoron kunama. Wani ma'aikacin asibiti ya ce ya ji daga majiya mai ƙarfi, wani babba a proje, cewa rufin gidan saura ƙiris ya rufta. Tahiru ya rasa yadda zai ƙaryata majiyar.

Da ƙyar ya samo Suma'ila, ɗan kabu-kabu, wanda ya ce shi ɓera bai dame shi ba tunda kwana kawai yake yi. Hajiya ta dube shi sama da ƙasa, ta tambayi iyali. Ya ce ana nema. Ta ce Allah ya ba da ta gari, in an samu ya dawo. Da suka fito, Suma'ila ya kawo shawara: Tahiru ya tafi abinsa, ya bar masa makulli, shi Suma'ila ya riƙa kai wa tsohuwa kuɗin da sunan Tahiru, a ce ƙaninsa ne mai tsaron kaya. Shawarar ta shiga ran Tahiru ƙwarai. Rahina ce ta tambaye shi, in Suma'ila ya ƙi biya ko ya fasa wani abu, sunan wa ke cikin takardar? Ta kuma tuna masa wanda ya rubuta da hannunsa cewa ba a saka wani sai da yardar mai gida, da kuma wanda ya shaida wa duniya cewa tsohuwar ba abin da ke wuce kafar zaurenta. Ya ce dama gwada ta yake yi.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ruwan farko ya sauka, falo ya yi yoyo a gaban wani mai neman haya da ya zo dubawa, mutumin ya fita yana kakkaɓe hula. Zakari ya bugo ya ce sun yi shuka, ya gode da taimako. Wata ya mutu, Rahina ta kwance bakin zanenta ta ba shi ya kai wa Hajiya, ta karɓa ta sa masa albarka.

Daga nan Tahiru ya yi abin da bai yi ba duk zamansa a gidan. Ya je ya roƙi Hajiya ta gyara rufin, tunda gyaran gini na mai gida ne. Ta ce haka ne, za ta gyara in Allah ya hore, kuma ita ba ta gaggawa, tana da ɗan haya har baɗi. Ya gane karatun. Ya nemi izininta, ya tuɓe riga mai guga, ya kwaɓa ƙasa da kansa ya hau soro ya yi yaɓe, ya gyara indararo. Ya sa hannu cikin kwata har gwiwar hannu ya zaƙulo abin da ba a faɗa. Ya kira kafinta ya daidaita ƙyaure, ya toshe ramukan ɓera, ya shafe ɗakunan da farar ƙasa. Hannun da ya gudo wa hauya tun daga Durum ya yi kanta a Birni, a gidan wata. Hajiya takan leƙo ta ce sannu da aiki, ta nuna masa inda ya tsallake.

Wanda aka samu a ƙarshe, ba ta hannun manyan garin da Tahiru ya sani ya zo ba. Rahina ta je kitson suna, ta haɗu da wata Safiya, matar wani malamin lakwal da ake kira Malam Sha'ibu. Shekara da shekaru yana koyarwa a wani ƙauye bayan Tirmini, yanzu an mayar da shi cikin gari, suna neman wuri kafin a koma lakwal.

Tahiru ya tare shi tun daga tasha, ya bi da shi ta wani lungu mai nisa don kada su gifta teburin Ɗan Azumi. Wahalar banza ya yi, don ɗan kabu-kabun da ya taɓa ɗauko malamin ya riga ya ba shi labarin ɓeraye. Malam Sha'ibu ya zaga gidan, ya ƙwanƙwasa bango, ya buɗe famfo ya rufe, ya ce shi da ya yi shekaru yana koyarwa a rumfar zana, ɓera abokin aiki ne. Gidan ya yi masa.

Hajiya ma malamin ya yi mata: ga mata, ga 'ya'ya, ga albashin gwamnati, ko da yana makara yana zuwa. Sai dai ta ce kuɗin ba zai zama na da ba. Ta ce ya duba da kyau, gida ne gyararre, sabon yaɓe, sabuwar farar ƙasa, ƙyaure kamar na banki. Tahiru na tsugune a gefe, farar ƙasar ba ta gama fita daga ƙumbarsa ba. Malamin ya miƙe zai tafi. Sai ga Tahiru yana roƙon wannan ya daure, yana roƙon waccan ta sassauta, yana rantsuwa da cewa yaɓen ba wani na kirki ba ne, shi ya yi shi, ya san ba zai kai baɗi ba. Da haka aka tsaya a tsakiya.

Sannan wata sabuwa ta ɓullo. Malam Sha'ibu ba zai tare ba sai nan da wata biyu, in an kusa buɗe lakwal, kuma ba zai biya hayar ɗakin da ba ya ciki ba. Hajiya ta ce ita ma ba za ta ci iska wata biyu ba, an yi mata alkawarin ba za ta yi asarar ko ɗaya ba. Duka suka juyo suka dubi Tahiru.

Ya yi lissafin da kowa a wurin ya riga ya yi. A hankali ya ce to a riƙe kosiyonsa a madadin watannin.

Ta ce kosiyo na ɓarna ne, ba na haya ba, shi ya koya mata. Amma tunda ta zaga ta ga bai bar ɓarna ba, ta yarda, don darajar Rahina.

Aka sake kiran mai unguwa. Aka rubuta a bayan tsohuwar takarda cewa ɓangarorin biyu sun warware ta da yardar juna, babu mai bin wani komai. Aka karanta kwantar wuta, wato mita, Tahiru ya biya abin da ya sha. Aka rubuta sabuwa da sunan Malam Sha'ibu, ta shekara ɗaya, kuma malamin ya sa aka ƙara cewa in gwamnati ta ɗauke shi zuwa wani gari, zai ba da sanarwar wata guda ya tafi. Mai unguwa ya ce tunda ga mai kyakkyawan rubutu a zaune, shi zai rubuta. Tahiru ya rubuta wannan layin da kyau ƙwarai, bai ɗaga kai ba.

Ranar tashi, Hajiya ta kira Rahina ɗaki ta cika mata kwalba da humra, ta ba Ilham alkaki, har da zubar da 'yar ƙwalla. Shi kuma ta ce masa ta yafe masa ɓerayen, da kunamun, da kafar zaure. Bai taɓa zaton labarin ya iso ta ba. Ta ce ai tun makon farko, mai kawo mata ruwa a teburin Ɗan Azumi yake karyawa.

Suka hau motar kasuwa da gado da katifa da takardar yabon proje a cikin firam. Sun isa Durum an gama noman farko, gero ya kai gwiwa. Zakari ya tarye su a bakin hanya, ya kama hannun ƙanensa za su gaisa, sai ya juya tafin ya duba kantar da ke ciki. Ya ce ashe a birni ma ana aiki, to madalla, gobe akwai maimai.

Tahiru yana can har yanzu. Tsoho ya rasu da rani, aka raba gona, ya samu wajen gyaɗa, kuma ba laifi yana nomawa, ko da yake ya fi ƙwazo wajen bayanin yadda ya kamata a yi. Rahina ta zama mai kitson amare ta ƙauyukan wajen, ana zuwa ɗaukarta da amalanke. Shi ne mai rubuta wa mutane takarda in za su meri, ana kiransa Mushe Tahiru, kiran girmamawa irin na Faransanci, yana amsawa. Ranar Alhamis wani lokaci yakan shigo Damagaram sayar da gyaɗa, ya sha shayi a wani tebur can wajen tasha, inda ba a san shi ba.